Goge Gilashi da Madubi Ba Tare da Jirwaye Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin masu kuka da jirwaye a gilashi ba ƙazamai ba ne. Su ne ma masu yawan gogewa. Mutum zai zuba ruwa da sabulu, ya dirza har hannu ya gaji, ya ja da baya ya ga gilashi tas, amma da rana ta hasko sai ga layi-layi da hazo kamar ba a taɓa ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi a kan wannan matsala, musamman a kan ƙyallen maikirofaiba da takardar jarida, waɗanda kowannensu ke da masu rantsuwa da shi.

Me ke kawo jirwaye bayan gilashi ya bushe?

Gilashi ba ya shan komai. Duk abin da aka shafa masa yana nan zaune a samansa har sai an ɗauke shi. Ruwa kan tafi da kansa idan ya bushe, amma abin da ya narke a cikin ruwan ba ya tafiya. Wannan saura shi ne jirwaye, kuma iri uku ne.

Akwai gishirin da ke cikin ruwan kansa, wato sinadaran kalsiyam da maganiziyam da ruwa ke kwasowa daga ƙasa da duwatsu. Shi ke barin fararen ɗige-ɗige masu zagaye. Akwai sauran sabulu, wanda ke barin dogayen layuka masu ɗan ƙyalli a daidai inda tsumma ya bi. Sai kuma maiƙo: na yatsu, na girki, na hayaƙi, na man shafawa. Shi maiƙo hazo yake bari, kuma idan aka goga yatsa a kai sai ya bi yatsan ya shafe maimakon ya fita.

Saboda haka aikin goge gilashi kashi biyu ne. Na farko a jiƙa dattin ya saki. Na biyu a ɗauke ruwan dattin daga kan gilashin kafin ya bushe. Kusan duk jirwayen da ake gani a gidaje daga kashi na biyu yake fitowa: an jiƙa, an narkar da datti, sannan aka baza shi ko'ina da jiƙaƙƙen tsumma aka bar wa iska ta busar.

Ni da omo nake wanke tagogina, kuma ina sa shi da yawa. Laifi ne?

Nan matsalar take. An yi omo ne don tufafi, waɗanda za a ɗauraye sau biyu ko uku a cikin ruwa mai yawa. Cike yake da gishiri iri-iri da turare da sinadarin ƙara hasken tufa, kuma duk wanda bai ɗaurayu ba zai bushe ya zama fari a gilashi. Sabulun sanda ma haka, har ya fi, domin idan ya haɗu da ruwa mai gishiri sai ya zama wani farin datti mai manne wa gilashi, irin wanda ake gani a jikin bokitin wanka.

Sabulun ruwa na wanke kwanuka shi ya fi dacewa, kuma kaɗan ƙwarai. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya ya ishi bokiti mai lita 5. A kwalbar feshi mai rabin lita kuwa, ɗigo biyu ya wadatar. Idan kumfa ta tashi har tana zama a gilashin, an wuce misali.

Mene ne maikirofaiba, kuma me ya bambanta shi da tsohuwar singileti?

Zare ne na roba da ake yi a masana'anta, siriri ƙwarai. Kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba, alhali gashin kan mutum ya ninka haka sau biyar zuwa goma. A Japan aka fara ƙera irin wannan zare wajen 1970, daga baya ya shiga harkar goge-goge. Wanda ake yi don shara yawanci haɗin roba biyu ne, foliyesta da nailan, kuma a takardar da ke jikinsa za a ga an rubuta 80 da 20, ko 70 da 30, wato kason kowanne cikin ɗari.

Sirantaka kaɗai ba ita ce sirrin ba. Bayan an saƙa ƙyallen, ana tsattsaga kowane zare a tsawonsa. Da za a yanka zaren a duba bakinsa da madubin ƙara girma, za a gan shi kamar lemon zaƙi da aka yanka a tsakiya, ɓangare-ɓangare, da ɗan rami tsakanin kowane biyu. Gefunan ɓangarorin nan su ke kankare maiƙo daga gilashi, ramukan kuma su zuƙe shi tare da ruwa da ƙura su riƙe a ciki. Foliyesta na son maiƙo, nailan na son ruwa, don haka ƙyalle ɗaya ke ɗaukar duka biyun. Bayan haka, zaren dogo ne da ba ya yankewa gutsi-gutsi, shi ya sa ba ya zubar da burbushi.

Zaren auduga kuwa ya fi kauri, kuma gajeru ne da aka murɗa suka zama ɗaya. Auduga na shan ruwa sosai, babu musu, amma ba ta da kaifin da za ta kankare siririn maiƙo, sai ta tura shi gaba. Kuma duk gogawa ɗaya tana sakin ƙananan gashi, su ne waɗanda ake gani a madubi idan an kunna fitila. Ga shi kuma tsohuwar singileti ta sha omo shekara da shekaru, da ta jiƙe sai ta saki sauran da ke cikinta.

To jarida fa? Iyayenmu da ita suke gogewa, gilashi kuma ya yi ƙal.

Gaskiya ne, kuma akwai dalili. Takardar jarida itace ne da aka niƙa, aka shimfiɗa, aka matse da ƙarfi. Ba a shafa mata abin da ke hana takarda shan ruwa kamar yadda ake yi wa takardar rubutu, domin ana so ta zuƙe tawada nan take a injin bugawa. Saboda haka tana shan ruwa da sauri, har da ɗan maiƙo. An matse zarenta sosai, ba ta da laushin tishu, shi ya sa ba ta zubar da burbushi muddin ba ta jiƙe sharkaf ba. Idan aka dunƙule ta, tana da ɗan tauri da ƙananan kusurwoyi masu kankare abin da ya ɗan manne.

Amma babbar fa'idar jarida a ganina wani abu ne da ba a cika lura da shi ba: jefar da ita ake yi. Mai gogewa da jarida kowane ɗan lokaci yana yar da wadda ta jiƙe ya yago sabuwa, don haka kullum busasshen abu mai tsabta ne ke taɓa gilashin a ƙarshe. Mai tsumma kuwa da tsumma ɗaya yake fara taga ta farko ya gama ta goma.

Inda jarida ke gazawa shi ne wajen ɗaukar datti. Fuskarta shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da ramukan da ƙura za ta shige. Idan akwai ƙwayar yashi a gilashin, jarida danne ta take yi ta ja ta a kai. Idan maiƙon na da kauri, baza shi za ta yi. Kuma da ta sha ruwa da yawa sai ta ruguje ta bar guntaye a kusurwar taga. Jarida abar busarwa ce da ƙyalƙyalewa a ƙarshen aiki, bayan an riga an wanke.

Takardar mujalla mai sheƙi ba ta yin wannan aiki ko kaɗan. An shafe fuskarta da farar ƙasa mai laushi, ba ta shan ruwa, santsi kawai za ta yi ta yi a gilashin.

Tawadar jarida ce ke sa gilashi ƙyalli?

Takardar ce ke aikin. Baƙar tawadar jarida baƙin garin hayaƙi ne da aka kwaɓa da mai, kuma ba ta bushewa ta ƙame kamar fenti, shiga cikin takardar kawai take yi. Shi ya sa take baƙanta yatsu. A gilashi ba ta cika kamawa ba, amma tana ɓata farin firam na taga, farin fenti da labule, musamman idan an sa sifirit, wanda ke taimaka mata ta saki. Jaridar da ta kwana biyu ta fi sabuwar bugawa, domin tawadarta ta zauna, kuma shafin da rubutunsa baƙi ne zalla ya fi mai manyan hotuna masu launi.

Akwai kuma abin da ya kamata a duba kafin a yaga. Jaridunmu, na Hausa da na Turanci, sukan ɗauko ayoyi, hadisai da sunayen Allah, musamman a shafukan addini na ranar Juma'a da sanarwar rasuwa. A ware waɗannan shafuka gefe. Jaridar da aka karɓo daga wajen mai tsire ko mai ƙosai kuwa ta riga ta sha mai, ba ta da amfani a nan.

A taƙaice, wanne zan saya ko in nema?

Maikirofaiba, guda biyu aƙalla, kuma iri biyu. Ɗaya mai gashi-gashi kamar tawul, shi ne na wankewa, domin ƙura na shigewa cikin gashin ta yi nesa da gilashi. Ɗaya kuma mai sumul, marar gashi, ko mai saƙar ƙananan murabba'i, shi ne na busarwa. Idan ɗaya kawai ake da shi, a yi wanki da shi, a busar da jarida. Wannan haɗin yana aiki sosai, domin kowannensu ya tsaya a inda ya fi ƙarfi.

Wane ruwa ya fi dacewa?

Ruwan da ba shi da gishiri a cikinsa. Ruwan rijiya da na burtsatse sun bambanta daga unguwa zuwa unguwa, kuma gwajin mai sauƙi ne: a ɗiga ɗigo uku a kan madubi mai tsabta da aka kwantar, a bar su su bushe. Idan sun bar farin zobe, ruwan na da gishiri. Wata alamar ita ce farin ɓawon da ke taruwa a gindin butar dafa shayi, da sabulu da ke ƙin yin kumfa.

Ba sai an yi dukan aikin da ruwa na musamman ba. A wanke da ruwan da ake da shi, a ajiye mai kyau don feshin ƙarshe. Ruwan sama da aka tara bayan rufin ya wanku yana da kyau. Tataccen ruwa da ake ƙara wa batirin mota ma haka, amma a tabbatar tataccen ruwa ne zalla, domin a shago ɗaya ake sayar da shi da asid ɗin batir, wanda ke ƙona fata da tufa. Fiya wata kuwa ya danganta da kamfani, a yi masa gwajin ɗigo kamar sauran.

Wane haɗi zan yi a gida?

A kwalbar feshi mai rabin lita, a zuba ruwan khal fari cokali 4 na cin abinci, sifirit cokali 4, ɗigo biyu na sabulun kwanuka, sannan a cika da ruwa mai kyau. Kowanne da aikinsa. Khal, wanda asid ɗinsa kusan kashi 5 ne cikin ɗari, yana narkar da farin gishiri. Sifirit na narkar da maiƙo kuma yana sa ruwan ya bushe ba tare da ya bar komai ba. Sabulu na sa ruwan ya shimfiɗu a gilashi maimakon ya dunƙule.

Lemon tsami na iya maye gurbin khal wajen cire farin tabo, sai dai yana da sukari da burbushi, dole a ɗauraye bayansa.

Gargaɗi biyu masu muhimmanci. Kada a taɓa haɗa khal da bilic irin su haifo ko jik, domin haɗin na fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Haka ma bilic da duk ruwan goge gilashi mai amoniya. Sannan khal na cin dutsen mabul da tarazo, ya kashe musu sheƙi, don haka a shimfiɗa tsumma a dandamalin taga kafin a fesa.

Madubin ɗakina kullum da hazo, ko na goge sai ya dawo. Ina yawan turaren wuta. Yaya zan yi?

Hajiya, turaren ne, kuma ba sai kin daina ba. Turaren wuta itace ne da aka jiƙa da mai da turaruka, sau da yawa har da sukari. Hayaƙinsa na ɗauke da wannan mai, ya sauka a kan komai a ɗakin, madubi ne kawai ke tona shi. Ga kuma feshin turare da humra da man gashi da ake shafawa a gabansa. Ruwa zalla ba ya taɓa irin wannan maiƙo, khal ma ba ya yi masa komai sosai. Idan kika sa jarida kai tsaye, baza shi za ta yi, shi ya sa kike ganin ya tafi sannan ya dawo.

Ki fara da busasshen maikirofaiba mai gashi, ki share ƙura a hankali daga sama zuwa ƙasa ba tare da dannawa ba, ki kakkaɓe shi a waje. Sannan ki ɗan jiƙa auduga da sifirit zalla ki bi wuraren da suka fi muni: ɗigon turare, sawun yatsu, jambaki. Za ki ga audugar ta koma ruwan ɗorawa. Ki bar taga a buɗe, kuma kada ki yi wannan kusa da kaskon turare mai garwashi, domin sifirit na kama wuta.

Daga nan ki ninka ƙyallen gida biyu, ki sake ninkawa, ya zama yana da fuska takwas. Ki fesa haɗin a jikin ƙyallen sau uku ko huɗu, ya yi danshi kawai, yadda ko kin matse ba zai ɗiga ba. Ki fara daga kusurwar sama, ki ja zuwa ɗaya gefen, ki sauko kaɗan ki dawo, kowane layi ya hau kan rabin wanda ya gabace shi, har ƙasa. Kada ki yi zagaye-zagaye, domin mai zagaye yana komawa ne kan inda ya goge da dattin da ya ɗebo. Da kin kai tsakiyar madubin ki juya sabuwar fuska.

Nan take, kafin danshin ya tafi, ki bi da busasshen ƙyalle mai sumul ko dunƙulalliyar jarida. Za ki ji hannunki ya fara ɗan turjewa, wani lokaci har da ƙara, alamar maiƙo ya fita ke nan. Madubin da ya daɗe ba a yi masa haka ba yakan buƙaci zagaye na biyu da sababbin fuskoki.

Don ki tabbatar, ki tsaya a gefe ki haska fitilar waya a kwance da fuskar madubin, duk saura zai fito. Ko ki hura masa numfashi: idan hazon ya kwanta bai ɗaya ya kuma ɓace bai ɗaya, ya tsabtata, idan kuwa layuka suka bayyana a cikinsa, akwai sauran maiƙo a wurin. Bayan wannan babban aiki, shafa ɗaya da ƙyalle mai danshi duk bayan 'yan kwanaki ya isa, kuma ki riƙa ajiye kaskon nesa da madubin.

Me ya sa ake cewa kada a fesa ruwa kai tsaye a madubi?

Madubi gilashi ne da aka shafa wa bayansa siririn azurfa ko alminiyam, aka rufe da fenti. A gefuna, inda aka yanka, wannan shafi a buɗe yake. Ruwan da aka fesa yana gangarowa ya taru a gindin firam, ya tsotsu ta gefen, ya ci ƙarfen. Wannan ne baƙin tabon da ke farawa daga kusurwar ƙasa yana haurowa. Khal da amoniya na hanzarta shi. Ba datti ba ne, ba ya goguwa, kuma ba ya gyaruwa sai dai mai gilashi ya yanke gefen ko a rufe shi da firam. A fesa a ƙyalle, a kuma busar da gefen ƙasa da kyau, musamman madubin banɗaki.

Lokacin hunturu tagogin luba na cika da ƙura. In share da busasshen tsumma?

Wannan ce hanyar da gilashi ya fi lalacewa a ƙasarmu. Ƙurar hunturu na ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi, kuma yashi ya fi gilashi tauri: a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs yashi na da 7, gilashin taga kuwa wajen 5.5. Duk abin da ya danne ƙwayar ya ja ta, tsumma ne ko jarida, zai bar siririn karce. Ɗaya ba ya ganuwa, amma bayan shekaru gilashin zai dushe, kuma babu wankin da zai dawo da shi.

A fara kakkaɓe ragar sauro da ƙarfen taga, in ba haka ba ƙurarsu za ta sauko kan aikin da aka gama. Sannan a buɗe luban su kwanta, a zuba musu ruwa daga na sama zuwa na ƙasa da buta, ƙura ta gangara da kanta. Sai a ɗauki jiƙaƙƙen ƙyalle a rungumi luba ɗaya da shi, sama da ƙasa lokaci guda, a ja daga gefe zuwa gefe. A yi hattara da bakin gilashin, wani yana da kaifi. A riƙa ɗauraye ƙyallen a bokiti na biyu bayan kowane luba biyu ko uku, a busar da kowane kafin a wuce na gaba.

Ga manyan tagogi na alminiyam, abin jan ruwa mai bakin roba, irin na yaran da ke wanke gilashin mota a danja, ya fi ƙyalle da jarida duka, domin kwashe ruwan yake yi gaba ɗaya. Sharaɗinsa shi ne a goge bakin robar bayan kowane ja, kuma robar da ta tsage ko ta bushe za ta bar layi a wuri ɗaya kullum. Wata dabara: a ja cikin taga a kwance, wajenta a tsaye. Idan jirwaye ya fito, yadda ya kwanta zai nuna ɓangaren da yake.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Da sassafe, ko lokacin da inuwa ta rufe tagar. Gilashin da rana ta gasa yana busar da ruwa kafin hannu ya dawo. A hunturu iska ma kaɗai na yin haka ko a inuwa, don haka a rage sifirit, a kuma yi aikin ɗan yanki-ɗan yanki, a busar da kowane kafin a jiƙa na gaba.

Ƙyallena a da yana aiki, yanzu shi ke barin jirwaye. Ya mutu ne?

Galibi cika ya yi. Ramukan da ke sa shi ɗaukar maiƙo ba sa sakinsa da sauƙi, kuma idan suka cika sai ya fara mayar da abin da ya ɗauka. A nan jarida ta fi shi sauƙin sha'ani, shi kuwa ingancinsa na tafiya ne da wankinsa.

A wanke shi shi kaɗai da ruwan ɗumi da ɗan sabulun ruwa, a ɗauraye har ruwan ya fita garau babu kumfa. Kada a haɗa shi da tawul ko kayan auduga, domin zai kwashe burbushinsu ya kai gilashi. Kada a sa masa ruwan ƙamshi mai tausasa tufafi, wanda ke lulluɓe zare da wani siririn maiƙo ya toshe ramukan. Kada a sa bilic, kada a yi masa guga, domin zafi na ƙanƙance bakin zaren har abada. A shanya shi inda ƙura ba ta kai, a ajiye a leda. Ƙyallen gilashi kuma ya zama na gilashi kawai. Wanda ya taɓa man goge katako ko murhu ya bar wannan aiki ke nan.

Gwajinsa shi ne a zuba ɗan ruwa a tebur a ɗora shi. Mai rai zai zuƙe nan take, wanda ya toshe kuwa tura ruwan zai yi gaba. Wannan gwaji na amfani ga sabo ma, domin akwai masu laushi a kasuwa da ba a tsaga zarensu ba. Wanda aka tsaga, idan aka shafa shi a bayan hannu, ana jin yana ɗan kama fata.

Gilashin mota fa, da tabarau da fuskar talabijin?

Cikin gilashin gaba na mota na yin hazo ko ba a taɓa shi, domin robar dashbod na fitar da tururi mai maiƙo idan rana ta dake ta. Da daddare, idan fitilar wata mota ta hasko, wannan hazo na hana gani, don haka a ɗauke shi da muhimmanci. Maganinsa irin na madubin turare ne: sifirit a ƙyalle, sannan busasshe. Gilashin da aka manna wa ledar duhu ta ciki kuwa fuskarsa roba ce, jarida na karce ta, amoniya na ɓata ta, sai ruwa da ɗigon sabulu da maikirofaiba. A gilashin baya, a bi siraran layukan ɗumama gilashi a tsawonsu, kada a gitta su da ƙarfi.

Tabarau na zamani yawanci roba ne mai shafi a sama. A ɗauraye da ruwa, a shafa ɗigon sabulun kwanuka da yatsa, a sake ɗaurayewa, a busar da ƙaramin ƙyallensa. Jarida, tishu da bakin riga duk suna karce shi. Fuskar talabijin da ta kwamfuta kuma a kashe su tukuna, a share da busasshen maikirofaiba, in ya zama dole a ɗan jiƙa ƙyallen da ruwa, ban da khal, ban da dannawa.

Akwai farin tabo a tagar da ruwan tanki ke zubowa a kai. Na goge ya ƙi fita.

A jiƙa tsumma da khal da ruwa rabi da rabi, a manna shi a wurin na minti 10, kada a bari ya bushe, sannan a dirza da soso mai laushi a ɗauraye. Idan tabon ya ragu, gishiri ne, a maimaita har ya ƙare. Idan an yi sau uku bai motsa ba, a shafa farce a kai. Tabon da ke da tudu yana saman gilashi, kuma sabuwar reza da aka kwantar sosai a kan jiƙaƙƙen gilashi na iya ɗaga shi, amma ban da gilashin mota da mai leda ko shafi. Idan kuwa wurin sumul yake ko ya ɗan lotsa, kuma yana ɓacewa idan ya jiƙe ya dawo idan ya bushe, to ruwan ya riga ya ci fuskar gilashin. Wannan sai mai injin goge gilashi ko a sauya shi, kuma a gyara bututun tankin tukuna, domin sabon ma haka zai zama.